Moto yana gurnani ya ƙi tashi: yadda ake gane ko kafasita ce ta mutu

Ranar wata Asabar da hantsi wani dattijo mai injin markaɗe a unguwar Aboabo da ke Kumasi ya aiko yaronsa shagonmu, wai in zo maza, injin ya tsaya. Na tarar da mata sun jera robobin barkono da tumatir suna jira, shi kuma Baba yana ta danna makunni. Da ya danna sai moton lantarkin injin ya ɗauki gurnani, fitilar shagon ta dushe, bel bai ko motsa ba. Ya kashe, ya sake dannawa. Tun kafin mu gama gaisawa na ce, "Baba, don Allah a bar shi haka, kar a ƙara kunnawa."

Ya ce, "Masta, ai kwandensa ce. Na riga na aika yaro shagunan Adum ya sayo sabuwa."

Wataƙila ita ce, amma gurnani bai isa shaida ba. Abubuwa huɗu ko biyar suna sa moto ya yi wannan kukan iri ɗaya, kuma ko kafasitar ce ta mutu, sau da yawa akwai abin da ya kashe ta, wanda zai kashe sabuwar ma. Kafasita da kwandensa abu ɗaya ne, masu shago sun fi sanin ta da suna na biyu. Zan bi aikin nan na Aboabo daki-daki yadda muka yi shi.

Dalilin gurnanin

Wutar gidajenmu a Gana layi ɗaya ce, bolt 230, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Idan ta shiga babban koyil na moto, ƙarfin maganaɗisun da take haifarwa ba ya zagayawa, bugawa kawai yake yi gaba da baya a wuri ɗaya. Rota, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin moto, tana tsaye ana jan ta dama da hagu da ƙarfi daidai wa daida, ba ta san inda za ta nufa ba. Ƙarafan cikin moton suna rawa sau 100 a daƙiƙa, wannan rawar ce kunne yake ji a matsayin gurnani. Amma da rota za ta samu wanda ya tura ta, ko ta wane ɓangare, babban koyil ɗin shi kaɗai zai iya riƙe ta ta ci gaba da gudu.

Masu ƙera moto sun sa mai turawar a ciki. Akwai koyil na biyu, koyil ɗin tashi, an naɗa shi a gefe da babban. An jera shi da kafasita, wadda aikinta shi ne ta sa wutar da ke bin wannan koyil ta riga ta babban koyil isowa. Wannan saɓanin lokaci tsakanin koyil biyu shi ke sa maganaɗisun ya zagaya, rota ta bi shi. Sannan akwai wani makunni a cikin moton, bayan murfin baya, mai 'yan nauyaye da sifirin a kan shaf. Idan moto yana tsaye makunnin a rufe yake. Da gudu ya kai wajen kashi 75 cikin ɗari, nauyayen sai su buɗe, su cire kafasita da koyil ɗin tashi daga wuta. Duk wannan bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Shi ne ƙarar "ƙwas" da ake ji idan an kashe moto yana gab da tsayawa, makunnin ne ya koma ya rufe.

To abu uku ne a jere kamar sarƙa: kafasita, makunnin ciki, koyil ɗin tashi. Ko wanne ya yanke a cikinsu, kukan ɗaya ne. Haka kuma idan injin ya cije, ko wuta ta yi rauni.

Abin da ya sa na hana Baba ƙara kunnawa shi ne, moton da ya ƙi juyawa yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da aka rubuta a farantinsa, ga shi fankarsa ba ta juyawa balle ta sanyaya shi. Nasa mai ƙarfin doki 2 ne, farantin ya ce amfiya 11, ke nan yana zuƙar wajen 50 ko fiye duk lokacin da yake gurnani. Daƙiƙa uku sun isa a ji abin da ake son ji. Wanda ya bar shi rabin minti yana jira ko zai tashi, aikin da kafasita ɗaya za ta gyara ya mayar da shi na mai naɗin koyil.

Kafin a taɓa kafasita

Na zare fulogi daga bango gaba ɗaya, ban tsaya ga kashe makunni ba. Na cire bel, na juya fulin moton da hannu. Ya juya sumul, ba kartawa, ba girgiza a shaf. Da boris ya ci, ko rota tana gogar jikin siteta, wato ɓangaren da ba ya juyawa, a nan za a ji. Na juya fulin injin markaɗen shi ma, da ɗan nauyi amma yana tafiya. Masu kwamfiresa, irin na masu faci da masu fenti, su duba nan da kyau: idan iskar da ke kan fistan ba ta fita bayan moto ya tsaya ba, zai tashi ne a kan nauyi, kuma lafiyayyen moto ma zai yi gurnani.

Sai na sansana ramukan iska. Ƙonannen koyil yana da wari mai ɗaci na ƙonannen banish wanda ba ya ɓuya. Babu shi.

Daga nan na mayar da wuta, na kunna ba bel. Abu uku ke iya faruwa. Idan ya tashi fit ɗaya da ƙarfi, a koma wajen kaya ko wajen wuta. Idan ya yi gurnani bai motsa ba sam, a kashe, a naɗa igiya a fuli, a fizge ta ta fita gaba ɗaya, sannan a kunna yana cikin juyawa. In ya kama gudu, kuma aka gwada ta ɗaya ɓangaren shi ma ya kama, babban koyil lafiya lau, sarƙar tashi ce ta yanke. Kada a tura fuli da yatsu wuta tana ciki, kada kuma a naɗa igiyar a hannu.

Na Baba abu na uku ya yi. Ya tashi da kansa, amma da nawa, kamar wanda aka tasa daga barci, sai da ya ja lokaci kafin ya kai gudu. Baba ya yi murna ya ce ai ya gyaru. Na ce a'a, wannan ma ya fi nuna kafasita: ba ta yanke ba, ta dai rame. Sauran ƙarfinta ya isa ya juya rota ita kaɗai, bai isa ya juya ta da bel da faifan markaɗe ba.

Sauke wutar da ke cikinta

Kafasitar tana cikin ƙoƙon ƙarfen da ke goye a bayan moto. A sake zare fulogi kafin a kwance shi. Ko an cire wuta tana iya riƙe fiye da bolt 300, musamman in makunnin ciki ya maƙale a buɗe, don haka ba a kama bakinta sai an sauke ta.

Yara da yawa suna ɗora sukundireba a kan baki biyun su ji ta yi tas. Ni ba na so. Tartsatsin yana cin bakin, kuma yana iya illata kafasitar da ba ta da laifi. Ina da rezista mai om 20,000, wat 5, na haɗa mata wayoyi biyu masu rufi da 'yan maƙalai. A ɗora ta a baki biyun. A kafasita mai maikrofarad 300 tana bukatar wajen rabin minti kafin wutar ta sauka ƙasa sosai, ba daƙiƙa biyu ba kamar yadda wasu suke yi. Sannan a sa mita a `DC V` a tabbatar abin da ya rage bai wuce bolt ɗaya ko biyu ba.

A ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a cire. Sai a zare aƙalla waya ɗaya, in ba haka ba koyil za ka auna tare da kafasita, mita ta ba ka ƙarya. Wasu kafasitocin suna zuwa da ƙaramar rezista a liƙe tsakanin bakunansu, ita ma a ɗaga ƙafarta ɗaya.

Yanzu a karanta jikinta. Ta Baba an rubuta `CD60 300µF 250VAC`. Wasu ba sa ba da lamba ɗaya, sai tazara, kamar `270-324µF`. Idan ka buɗe moto ka ga kafasita biyu, mai babbar lamba ita ce ta tashi. Ɗayar, mai 30 ko 40, sau da yawa da `CBB60` da `450V` a jikinta, ta gudu ce, tana kan wuta muddin moto yana aiki. Kada a rikita su.

Ido ma yana aiki a nan. Kumburi, tsagewa, ruwa mai danƙo da ya tsiyayo, farin gari a wajen baki, ko ɗan ramin numfashi na sama ya ɓalle, duk wanda ka gani a cikinsu ba sai ka auna ba. Amma kyan jiki ba lafiya ba ne. Kafasitar tashi tana da ruwan sinadari a ciki, zafi yana busar da shi a hankali ba tare da wata alama a waje ba. Ta Baba tas take kamar jiya aka saye ta.

Awo

Hanya mafi sauƙi ita ce mita mai alamar `µF`. A juya ta can, a ɗora tsinken biyu, ba ruwanka da wanne ja wanne baƙi, a jira lambar ta zauna, don babbar kafasita tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi. Tawa ta nuna `78`. An rubuta 300, an samu 78, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya rage.

Ƙa'idata ita ce, in an rubuta tazara, awon ya faɗa cikin tazarar. In lamba ɗaya ce, a duba sassaucin da aka rubuta kusa da ita. In babu, duk wadda ta yi ƙasa da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba na mayar da ita. Akwai tarko guda: ƙananan mitoci da yawa iyakarsu maikrofarad 20 ko 200. Ka ɗora mai 300 lafiyayya su nuna `OL`, ka ɗauka ta mutu, alhali mitar ce ta gaza. A duba iyakar mita tukuna.

Wanda yake da mitar allura kaɗai, ya sa ta a awon om, `×1k`. Lafiyayyar kafasita tana sa allura ta yi tsalle zuwa wajen sifili, sannan ta riƙa komawa baya sannu a hankali. In ta je sifili ta zauna, cikin ya haɗe. In ba ta motsa ba ko kaɗan, ya yanke. Tsofaffin mastocinmu da wannan suka yi aiki shekara da shekaru, amma iyakarsa ke nan: yana kama matacciya, ba ya kama ramammiya. Na gwada ta Baba da gangan don yaron da ke koyon aiki a wurina ya gani, allura ta yi tsalle ta dawo kamar ba komai.

Hanya ta uku na fi yarda da ita, kuma ba ta bukatar mita mai `µF`. Ana ba kafasitar wuta mai kai da komo, a auna amfiyar da take ja, a lissafa:

```
C (µF) = 3183 × I ÷ V
```

Lambar 3183 ta wutarmu ce mai 50. Wanda ya ga 2652 a wani wuri, ta ƙasashen da wutarsu take 60 ce kamar Amurka, in ya yi aiki da ita a Kumasi lissafinsa zai fito ƙasa da gaskiya.

Wasu suna haɗa kafasitar kai tsaye da soket su yi wannan awo. Mai 300 a kan bolt 230 za ta ja kusan amfiya 22, in kuma cikinta ya haɗe, ko aka wuce daƙiƙa biyu zuwa uku, tana iya fashewa a fuskar mutum. Ba sai an kai ga haka ba. Ƙaramar taransifoma mai ba da bolt 12, wadda za ta iya ɗaukar amfiya 2, ta wadatar, amma ta zama taransifoma zalla mai fitar da `AC`, ba cajar waya ko ta batir ba. A fara tabbatarwa da awon om cewa kafasitar ba ta haɗe ba. Sai a jera mita a `AC A` tsakanin taransifoma da kafasita, a karanta amfiya, a kuma auna bolt a bakin kafasitar ita kanta lokacin da take kan wutar. Mai mitar maƙata ya naɗa wayar sau goma a bakin mitar, ya raba abin da ya gani gida goma, don irin wannan mita ba ta ganin ƙaramar amfiya da kyau.

Ta Baba ta ja amfiya 0.31 a kan bolt 13.2. Lissafi ya ba da wajen 75, kusa da abin da mita ta faɗa. Da yaron Baba ya dawo daga Adum da sabuwar, na auna ta kafin in ɗaura: amfiya 1.2 a kan bolt 13, wato wajen 294. Ina auna sabuwa kullum, don irin wannan kafasita tana lalacewa ko a kan kanta take a ajiye in ta daɗe.

Duk awon nan a ƙaramin bolt ake yin sa. Jefi-jefi akan samu wadda ta ba da lamba daidai amma ta gaza in cikakkiyar wuta ta hau ta. Idan komai ya nuna lafiya moto kuma yana nan yana nawa, a ɗaura wata da aka tabbatar da ita a gani.

Idan kafasita ta fita lafiya

A koma kan sauran sarƙar. Moto yana tsaye, wuta a cire, a auna makunnin ciki da om. Ya kamata ya ba da kusan sifili. In ya nuna a buɗe, a kwance murfin baya. A injinan niƙa da na katako gari da ƙura suna shiga tsakanin bakunan, a na markaɗe kuma danshi yana sa nauyayen su yi tsatsa su ƙi zamewa. A goge bakunan da takardar yashi mai laushi, a tabbatar zoben yana kai da komo a kan shaf ba cijewa.

Sai koyil. A motoci da yawa `U1` da `U2` na babban koyil ne, `Z1` da `Z2` na tashi, amma a bi zanen da ke cikin murfin akwatin wayoyi, don ba duka suke bin wannan ba. A na Baba babban ya ba da om 1.8, na tashi 3.4. Yawanci na tashi ya fi yawa don wayarsa ta fi siranta. In ɗaya ya nuna `OL` ya yanke, in kuma akwai hanya tsakanin koyil da jikin moto, aikin ya koma wajen mai naɗi.

Sabuwar, da abin da ya kashe tsohuwar

Maikrofarad ya zama daidai da na tsohuwar. Bolt ya zama daidai ko sama, mai 330 tana shiga gurbin mai 250, amma mai 125 da ake ciro wa daga injinan da aka shigo da su na wutar 110 ba ta shiga. In ba a samu mai 300 ba, biyu masu 150 a haɗa su baki da baki, kafaɗa da kafaɗa, sun ba da 300. Masu cewa a sa babba don moto ya ƙara ƙarfi, koyil ɗin tashi suke dafawa. Kuma kada a taɓa sa kafasitar tashi a gurbin ta gudu, an yi ta ne don 'yan daƙiƙoƙi, wajen tashi 20 a awa ɗaya, in ta zauna kan wuta fashewa za ta yi.

Na ɗaura, na mayar da bel, na maƙala mita a wayar kafasitar, muka kunna. Abin da ake so shi ne amfiya ta yi tsalle ta faɗo sifili cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ba ta faɗo ba, bakunan makunnin ciki sun narke sun liƙe, a kashe nan take. Ta Baba ta faɗo, amma sai da ta kai wajen daƙiƙa huɗu. Matan suka fara turo robobinsu, na ce su ɗan ƙara haƙuri.

Na sa mita a akwatin wayoyin moton. Kafin a kunna bolt 218, lokacin tashi ya zube zuwa wajen 173. Na bi wayar da ido, ashe daga wani ɗaki can ƙarshen gidan aka jawo ta, kusan mita 40, siririya mai milimita 1.5. Zuwa da dawowa mita 80 ke nan, kusan om ɗaya. Ana cikin gudu ba a lura, amma amfiya 45 ta tashi in ta bi om ɗaya, bolt 45 sun ɓace a hanya. Ƙarfin juyi kuwa ba daidai da bolt yake sauka ba, ninki yake yi: kashi uku cikin huɗu na wuta yana ba da ɗan abin da ya haura rabin ƙarfi. Moto yana jan lokaci kafin ya kai gudun da makunni zai buɗe, kafasita tana zaune kan wuta tana dahuwa. Ga shi yaron Baba yana kashe injin bayan kowace roba, ya kuma kunna da ragowar markaɗe a tsakanin faifan. Ranar kasuwa ya fi tashi 20 a awa nesa ba kusa ba.

Na gaya wa Baba a canza wayar zuwa mai milimita 4, asarar za ta sauko ƙasa da bolt 20. Ya yi shiru yana lissafin kuɗin mita 40, ya ce sai bayan sati biyu. Na ce to kafin nan a sassauta faifan kafin kowace kunnawa, a matse bayan moto ya kai gudu, kuma in akwai layi a bar shi yana gudu tsakanin roba da roba. Muka gwada da faifan a sake, amfiya ta faɗo cikin daƙiƙa biyu.

Tsohuwar kafasitar na rubuta `78` a jikinta da alƙalami, na jefa ta cikin jakar aiki. Da ita nake gwada sababbin yara: in ba su mitar allura, in ce su gaya mini ko tana da rai.